Lambar da ke kan yatsa: me take faɗa, me take ɓoyewa



Tun zamanin korona, a shekarar 2020, wata 'yar na'ura ta shigo mana gidaje. Ga ta nan kamar maƙalin shanya, a danna ta buɗe baki, a zura yatsa, cikin 'yan daƙiƙoƙi lambobi su bayyana a fuskarta. Ma'aikatan lafiya suna kiranta oksimita. A da sai a ɗakin tiyata ko ɗakin masu tsananin ciwo ake ganinta, amma yanzu a nan Mubi za ka same ta a Babban Asibiti, ka same ta a ƙananan asibitocin unguwa, ka same ta a kemis, har ma a aljihun mai ciwon asma ko a durowar gidan da ke da tsoho mai ciwon zuciya. Ni ina cikin masu murna da yaɗuwarta. Abin da ke damuna shi ne yadda muka ɗauki lambar da take nunawa tamkar hukuncin alƙali. Ta nuna 98, sai a ce da mara lafiya ya koma ya kwanta. Ta nuna 85, sai gida ya rikice da salati. Alhali kowanne daga cikin biyun yana iya zama ba daidai ba, kuma a lokacin hunturu irin namu na gindin duwatsun Mandara, dalilan kuskuren kan taru a ɗaki ɗaya cikin dare ɗaya.

Mu fara da abin da take aunawa, domin duk sauran bayanin daga nan zai fito. A cikin jajayen ƙwayoyin jininmu akwai wani sinadari mai suna himoglobin. Aikinsa shi ne ya ɗauki iskar oksijin a huhu ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya da sauran gaɓoɓi. Himoglobin da ya ɗauko oksijin launinsa ja ne mai haske, wanda ya sauke kuwa ya fi duhu. A leɓe ɗaya na na'urar akwai 'yan fitilu biyu, ɗaya tana fitar da jan haske, ɗayar tana fitar da hasken infirared wanda ido ba ya gani. A ɗaya leɓen kuma akwai ido mai karɓar hasken da ya ratso ta yatsa. Jinin da ke ɗauke da oksijin ya fi shanye hasken infirared ya bar jan ya wuce, wanda ya sauke kayansa kuma ya fi shanye jan. Da wannan bambanci na'urar take yin lissafinta.

To amma yatsa ba jini kaɗai ba ne. Akwai fata, akwai ƙashi, akwai farce, akwai kuma jinin da ya gama aiki yana komawa zuciya. Ta yaya za a ware jinin da ya fito daga huhu daga duk waɗannan? Wani injiniya ɗan ƙasar Japan, Takuo Aoyagi, na kamfanin Nihon Kohden, shi ya gano dabarar a farkon shekarun 1970. Wani abu daban yake ƙoƙarin aunawa, bugun jini yana ta dagula masa sakamako, sai ya lura cewa abin da ke dagula masa aikin shi ne amsar wata tambayar. Duk lokacin da zuciya ta buga, sabon jini yana kwararowa cikin yatsa, hasken da ke ratsawa ya ɗan ragu, sannan ya dawo. Ƙashi ba ya bugawa, fata ba ta bugawa. Saboda haka idan aka yi watsi da duk abin da ke tsaye cak, aka dubi wanda ke hawa da sauka kawai, an sami jinin da zuciya ta turo. Mutumin ya rasu a watan Afrilun 2020, daidai lokacin da duniya ke rububin abin da ya ƙirƙira.

Ku riƙe wannan da kyau: idan babu bugu mai ƙarfi a yatsan, na'urar ba ta da abin dogaro. Sai dai ba ta cika yin shiru ba. Sau da yawa tana nuna wata lamba duk da haka.

A fuskarta akwai lambobi biyu, wasu uku. Wadda aka rubuta SpO2 a gefenta ita ce kason himoglobin da ke ɗauke da kaya cikin ɗari. Mai lafiya yakan kasance tsakanin 95 da 100. Wadda aka rubuta PR ita ce yawan bugun zuciya a minti ɗaya. Mutane da dama suna rikita su, musamman da yake fuskar wasu na'urorin tana juyawa, sai mutum ya karanta bugun zuciya 78 a matsayin oksijin ya tayar da hankalin kowa. Ta ukun, idan akwai ta, an rubuta PI, tana nuna ƙarfin bugun da na'urar ke ji a wannan yatsan. Idan ta yi ƙasa da 1 bugun ya yi rauni, idan ta gangara ƙasa da rabi kuwa, lambar oksijin abar tuhuma ce. Akwai kuma wani zane mai tafiya kamar igiyar ruwa, ko wani ɗan sanda mai hawa da sauka. Shi ne shaidar na'urar, kuma shi ne abin da kusan ba wanda ke kallo.

Kowa a garin nan ya san yadda tireloli ke tashi daga kasuwar shanu su nufi kudu. A ce an ajiye wani mutum a bakin hanya, aikinsa ɗaya: ya faɗi kashi nawa cikin ɗari na motocin da suka wuce suke da lodi. Ya ce 98. Bai gaya maka ko mota ɗari ce ta wuce ko biyar ba. Bai leƙa ya ga ko shanu aka loda ko duwatsu ba. Idan kuma hazo ya rufe hanya, zai faɗi lamba ne bisa ƙiyasi. Iyakar aikin oksimita ke nan, kuma kurakuranta duka daga waɗannan wurare uku suke fitowa.

Bari mu ƙaddara wani dare a watan Janairu, a wani gida a Lokuwa ko Shuware. Wata dattijuwa tana fama da tari kwana da kwanaki. Jikanta ɗalibi ne a kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke garin nan, ya aro oksimita a maƙwabta. Ya ce, "Goggo, kawo hannunki in gani." Ta miƙo hannun da ta fito da shi daga ruwan alwala, yatsun sun yi sanyi ƙalau, jikinta yana ɗan kakkarwa, ga baƙin lalle a farce na bikin da aka yi makon jiya. Na'ura ta nuna 84. Jim kaɗan ta koma 79, ta yi tsalle zuwa 91, ta ɗauke gaba ɗaya, ta dawo 86. Bugun zuciya kuma yanzu 52, an jima 130.

Abu na farko da yaron zai yi shi ne ya ɗaga kai daga na'urar ya dubi kakarsa. Tana magana ta kai ƙarshen zance ba tare da ta tsaya neman numfashi ba? Hankalinta yana tare da ita? Ya ce ta buɗe baki ya duba harshe da cikin leɓe a haske mai kyau, domin a baƙar fata nan ne ake ganin duhun rashin oksijin, ba a kumatu ba. Idan tana haki, ko ta rikice, ko harshe ya yi shuɗi-shuɗi, to babu zancen sake gwaji, keke napep za a nema. Idan kuwa tana zaune tana yi masa faɗan ya cika mata ɗaki da sanyi, akwai damar minti biyar zuwa goma a gyara awon.

Lambar da ke tsalle-tsalle irin wannan ita kanta alama ce. Oksijin ɗin jinin mutumin da ke zaune ba ya sauka daga 91 zuwa 79 ya dawo cikin daƙiƙa goma. Sanyi yana sa ƙananan jijiyoyin jinin yatsu su tsuke, domin jiki yana tattara ɗumi ya kai ciki. Bugun da ke isa yatsa ya zama ɗan kaɗan, na'urar tana lalube. Ga kuma kakkarwa: motsi yana girgiza jinin da ke komawa zuciya, wanda ya riga ya sauke oksijin, sai na'urar ta ɗauka bugu ne, ta haɗa shi cikin lissafi, lamba ta faɗi ƙasa. Hanya mafi sauƙi ta kama ta ita ce yaron ya ɗora yatsunsa biyu a wuyan hannun Goggo ya ƙirga bugun da kansa na rabin minti, ya ninka biyu. Ya sami 96, na'ura tana cewa 52. To ba zuciyar Goggo take bi ba, kuma na'urar da ta kasa ƙirga bugu ba ta cancanci a yarda da lambar oksijin ɗinta ba.

Sai gyara. A cire na'urar, a lulluɓe tsohuwa, a murza tafin hannun, ko ta cusa shi a hammata, ko a tsoma shi cikin ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba, a goge ya bushe. Ta zauna ta huta kamar minti biyar. A zaɓi yatsan tsakiya ko manuni, a zura shi har ƙurya, a ɗora hannun a ƙirji ko a kan matashi don kada ya yi lilo. Idan akwai fitila mai ƙarfi ko tocilan da ke haska wurin kai tsaye, a rufa wa hannun gefen zane, domin hasken waje yana shiga idon na'urar. Sannan a jira. Lambar farko da ta fito ba ita ake ɗauka ba. A ba ta kamar minti ɗaya har zanen nan ya daidaita, kowane tudu ya yi kama da ɗan'uwansa, lamba ta tsaya wuri ɗaya.

Saura lalle. Nan ina so mata su kwantar da hankali, domin na ji ana cewa mai ƙunshi ba a iya auna ta, kuma maganar ta yi faɗi da yawa. Jan lalle na gargajiya, na ganye, yana barin jan haske ya wuce, kuma gwajin da likitoci suka yi a ƙasar Saudiyya, inda mata ke ƙunshi kamar namu, ya nuna bai cika taɓa sakamakon ba. Baƙin lalle da dayis su ne masu matsala, saboda suna tare hasken, na'urar ta kasa karantawa ko ta ba da lambar da ta gaza ta gaskiya. Haka abin yake ga jan farce: ja da ruwan hoda ba su da wani tasiri sosai, amma baƙi da shuɗi da kore suna iya rage lambar, galibi da maki kaɗan, a tsofaffin na'urori da masu araha kuma fiye da haka. Farcen roba mai kauri ko mai tsawo yana hana yatsa shiga yadda ya kamata. Jan farce ana goge shi a yatsa ɗaya, shi ke nan. Lalle kuwa ba ya gogewa sai farce ya tsiro, don haka a nemi yatsan da bai sha ba, ko a juya na'urar ta kama yatsan ta gefe da gefe yadda hasken zai ratsa nama ba tare da ya bi ta farce ba. Yatsan ƙafa ma yana yi idan da ɗumi, sai dai amaren namu ƙafar ta fi hannu shan lalle.

Yaron ya yi duk wannan. Ya juya na'urar ta gefe a yatsan da ya ɗumama. Zane ya daidaita, bugun zuciya 96, ya yi daidai da abin da ya ƙirga da hannunsa. Oksijin ya tsaya a 93. Gida ya yi ajiyar zuciya, wani ya ce, "Alhamdu lillahi, ashe sanyi ne." A nan ne nake so mu tsaya, domin 84 ɗin farko ƙarya ce mai hayaniya, kowa ya ji ta, an kuma gyara ta. 93 ɗin nan ita ce ke buƙatar tunani.

Da farko, ko na'ura mai kyau tana da tazarar kuskure na maki 2 zuwa 3 sama ko ƙasa. Wato 93 tana iya zama 95, tana iya zama 90. Kuma tsakanin 95 da 90 akwai nisa fiye da yadda lambobin suka nuna, domin daga 90 zuwa ƙasa himoglobin yana sakin oksijin da sauri, ƙaramin taɓarɓarewar huhu sai ta jawo babbar faɗuwa. Na biyu, akwai batun launin fata, wanda ya shafe mu kai tsaye. Na'urar ba ta san gaskiya da kanta ba. Kamfani ne ke tara masu sa kai, a rage musu oksijin a hankali, a ɗebi jininsu a auna a ɗakin gwaji, a daidaita lissafin na'urar da sakamakon. Shekara da shekaru yawancin waɗanda aka yi wannan da su fararen fata ne. A watan Disamban 2020, likitocin Jami'ar Michigan ta Amurka, ƙarƙashin Michael Sjoding, suka wallafa abin da suka gano. Sun duba majinyatan da oksimita ta nuna musu tsakanin 92 da 96, suka gwada da awon jinin da aka ɗiba daga jijiya. A cikin awon baƙaƙen fata, kusan kashi 12 cikin ɗari ainihin oksijin ɗinsu yana ƙasa da 88. A na fararen fata, bai kai kashi 4 ba. Ninki uku ke nan. Ba kuma sabon labari ba ne, tun 1990 wasu likitoci suka nuna alamar haka, aka yi biris. A watan Fabrairun 2021 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kan iyakokin waɗannan na'urori, har da launin fata a ciki.

Kada wani ya ji wannan ya jefar da tasa. A mafi yawan lokuta tana faɗin abin da ke kusa da gaskiya, kuma ta fi ido nesa ba kusa ba wajen gano ƙarancin oksijin. Abin lura shi ne inda kuskuren yake karkata: a baƙar fata yakan karkata sama ne, ya nuna mutum ya fi yadda yake lafiya, kuma ya fi yawa a daidai lokacin da oksijin ya fara ƙasa. Saboda haka ni a ganina, mutumin Mubi mai tari da zazzaɓi da ya ga 93 ko 94, kada ya ce ai ya haye 90. A Birtaniya ma, lokacin korona, shawarar da aka ba masu jinya a gida ita ce 93 ko 94 a tuntuɓi likita, 92 zuwa ƙasa a nemi agajin gaggawa. Yaron nan ya ƙirga numfashin kakarsa na minti guda cur, yana kallon ƙirjinta ba tare da ya gaya mata ba, ya sami 28. Babban mutum a zaune yakan yi 12 zuwa 20. Tari, zazzaɓi, numfashi 28, oksijin 93 a baƙar fata, ga tsufa: wannan nimoniya ce har sai likita ya ce ba ita ba ce, kuma asibiti za a tafi a daren. Wanda ya daɗe da ciwon huhu, likitansa ya riga ya gaya masa cewa tasa lambar takan zauna a 90 ko kusa da haka, shi lissafinsa daban ne, da lambarsa ta kullum zai gwada.

Yanzu mu leƙa ɗakin da ke kusa da na Goggo, domin ƙaryar da ta fi ba ni tsoro tana can. Sanyin da ya tsuke yatsun tsohuwa shi ne ya sa aka shigar da kaskon gawayi ɗakin yara, aka rufe ƙofa, aka toshe taga da tsumma. A wani gidan kuma janareto ne aka jawo cikin zaure ko baranda saboda tsoron ɓarayi. Gawayin da ke ci a ɗakin da iska ba ta shiga, da hayaƙin janareto, dukansu suna fitar da iskar kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana manne wa himoglobin da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200, ta hau kujerarsa ta zauna. Abin takaici, himoglobin da ya ɗauki wannan guba shi ma ja ne mai haske, kuma oksimita mai fitila biyu ba ta iya bambanta shi da mai ɗauke da oksijin. Mutum yana iya kasancewa kashi 30 na himoglobin ɗinsa guba ce a kai, na'ura ta nuna 97, zane yana tafiya lafiya lau, bugu daidai. Babu wata alama a fuskarta da za ta sa ka yi shakka.

Alamar tana cikin ɗakin. Mutum biyu, uku, huɗu da suka kwana wuri ɗaya sun tashi da ciwon kai, jiri, tashin zuciya, amai, kasala, wani ya kasa tashi ma. Mu kuma abin da muka saba cewa shi ne maleriya ce, ko abincin daren jiya ne, wani lokaci har a fara zargin sammu. Maleriya ba ta kama mutanen ɗaki ɗaya a sa'a ɗaya, ta kuma sassauta idan sun fita tsakar gida. Duk wanda ya ga haka ya buɗe ƙofa da taga, ya fitar da kowa waje, ya kai su asibiti, ya kuma faɗa da bakinsa cewa da gawayi ko janareto suka kwana. Wannan jimla ɗaya ta fi lambar na'ura amfani ga likita. Maganin shi ne a ba su oksijin mai yawa ta abin rufe hanci da baki, ko da oksimita tana nuna 99. A iskar waje, jiki yana ɗaukar awa huɗu zuwa biyar kafin ya fitar da rabin gubar, da oksijin tsantsa kuwa abin yana raguwa zuwa awa ɗaya da wani abu. Mai juna biyu a kai ta ko da ta ce ta warware, domin jinin ɗan tayi ya fi na uwa riƙe wannan iska. Ina roƙon 'yan'uwana ma'aikatan jinya da masu kemis su ƙara tambaya ɗaya a watannin Disamba da Janairu: da me kuka ji ɗumi jiya da dare?

Ƙarya ta biyu mai shiru ita ce ta ƙarancin jini, kuma a ƙarshen damina, lokacin da maleriya ke cin yara, ita ce ta fi yawa. A gaskiya ma ba ƙarya na'urar ta yi ba, tambayar da ba a yi mata ba ce ba ta amsa ba. Mu yi ɗan lissafi. Kowane giram na himoglobin yana ɗaukar oksijin kimanin mililita 1.34. Babban mutum mai himoglobin giram 14 a kowane ma'auni na jini, ko da oksimita ta nuna masa 90, jininsa yana ɗauke da kusan mililita 17. Yaron da maleriya ko sikila ta cinye masa jini har ya koma giram 5, na'ura ta nuna masa 98, abin da ke jininsa bai kai mililita 7 ba. Mai 90 ya ninka mai 98 fiye da sau biyu. Wanda ya kalli lamba kaɗai zai ruga wurin babban ya bar yaron. Ana gane wannan ne da ido da hannu: a buɗe tafin hannun yaro a gwada da na uwarsa, a ja fatar ido ta ƙasa a duba, a ga ko sun yi fari fat. Ga bugun zuciya da sauri, ga numfashi mai zurfi, ga kasala har ya kasa shan nono. Awon da ake buƙata shi ne na yawan jini, wanda ake rubuta PCV ko Hb a takardar asibiti, kuma abin da zai cece shi yana iya zama ƙarin jini. Haka matar da ta zubar da jini bayan haihuwa: lambarta tana iya zama 98 har zuwa lokacin da yatsunta za su yi sanyi na'urar ta daina karantawa. Wannan sanyin yatsa ba na hunturu ba ne. Idan hannun mara lafiya ya yi sanyi da gumi a ɗaki mai ɗumi, aka murza aka lulluɓe ya ƙi ɗumama, na'ura kuma ta ƙi kamawa a kowane yatsa, to kada a ce batir ne. A gwada ta a yatsan mai lafiya. Idan ta karanta nasa, jinin mara lafiyan ne ba ya isa gaɓoɓi, kuma wannan gaggawa ce.

Game da ƙananan yara akwai ƙarin magana. Na'urar da ake sayarwa a kemis an yi ta ne don yatsan babba. A yatsan jariri tana yin sako-sako, haske ya zagaye ta gefe ya faɗa idon na'urar ba tare da ya ratsa nama ba, ta ba da lambar da ba ta da tushe. A yaron da ya ɗan tasa ana iya gwada babban yatsan hannu ko na ƙafa. Jariri kuwa yana da irin tasa, mai ɗauri kamar filasta da ake naɗawa a tafin ƙafa, kuma asibitin da ke karɓar haihuwa ya kamata ya mallake ta. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce yaron da ya gaza 90 a ba shi oksijin. Amma uwa a gida tana da awon da ba ya buƙatar batir: ta ɗage rigar yaro lokacin da yake kwance shiru, ta ƙirga numfashi na minti ɗaya. Jaririn da bai kai wata 2 ba, 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa shekara, 50. Daga shekara 1 zuwa 5, 40. Idan kuma ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska, ko ya kasa sha, ko yana ta barcin da ba a iya tashinsa, a tafi asibiti ko na'ura ta nuna nawa.

Akwai wani wuri ɗaya da ma'aikatan asibiti da masu jinya a gefen gado suke faɗawa. Oksimita ba ta auna numfashi, ba ta kuma san komai game da gurɓatacciyar iskar da jiki ke fitarwa ba. Matashin da ya sha tiramadol ko kodin fiye da kima, ko majinyacin da aka yi wa allurar kashe zafi mai ƙarfi bayan tiyata, numfashinsa yana iya raguwa zuwa shida ko bakwai a minti. Idan an sa masa oksijin a hanci, lambar za ta zauna a 97 tsawon lokaci alhali gurɓatacciyar iska tana taruwa a jininsa, barcinsa yana ƙara nauyi. Mai jinya yana ganin 97 yana cewa barci yake yi, a bar shi ya huta. Sannan ko da oksijin ya fara faɗuwa, labarin yana ɗaukar rabin minti ko fiye kafin ya iso yatsa, a hannu mai sanyi kuma ya fi haka jinkiri. Don haka wanda aka bar wa amanar irin wannan majinyaci ya riƙa ƙirga numfashinsa, ya kuma riƙa kiran sunansa lokaci-lokaci. Idan numfashi ya gaza goma a minti, ko an kira an girgiza bai buɗe ido ba, a kira nas nan take, kada a jira na'ura ta yi ƙara.